Yadda ake gane jabun agogon hannu daga fuska, maɓallin wana agogo, murfin baya da inji

Masu buga jabun agogo sun daɗe da daina kuskuren da kowa ke iya gani daga nesa. Nauyi ya zo daidai, ƙarfen yana sheƙi, hannun sakan yana zamiya. Inda har yanzu suke yawan faɗuwa shi ne wajen haɗa sassa. Masana'antar jabu takan buga fuska ɗaya, maɓalli ɗaya, murfi ɗaya, ta raba su a kan samfura da yawa, sai a samu fuskar wannan shekara a jikin agogon wata shekarar, ko injin da bai taɓa shiga wannan samfurin ba. Saboda haka tambayar da za ka riƙe tun daga farko ita ce: shin kowane sashe na agogon nan ya dace da lambar samfurin da aka ce shi ne? Zan bi matakan da agogo biyu daga cikin waɗanda aka fi kwaikwayo, Rolex Submariner mai kwanan wata da Omega Speedmaster Professional, domin na farkon bayansa a rufe yake, na biyun kuwa akwai wanda ake ganin injinsa ta gilashi.

Kafin ka taɓa agogon

Ka fara da neman cikakkiyar lambar samfuri daga mai sayarwa, da shekarar da ya ce an yi shi. Idan ya ce Submariner ne kawai, bai gaya maka komai ba. Wanda lambarsa 116610LN ya fito a 2010, faɗinsa milimita 40, injinsa 3135. Wanda ya gaje shi a 2020, wato 126610LN, faɗinsa milimita 41, injinsa 3235. Daga nesa kamar tagwaye suke, amma akwai ƙananan bambance-bambance da za su yi maka aiki nan gaba. Ka samo hotunan wannan samfurin daga kamfanin da kansa, ko daga manyan gidajen gwanjo da ke ɗaukar hoto kusa da kusa, ka ajiye su a waya. In da hali, agogon asali na samfurin a gefe ya fi kowane hoto.

Kayan aikin ba su da yawa: madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo mai ninki goma, ƙaramar tocila, da tsumma mai laushi. Ka goge gilashin tukuna, don ƙura da shatin yatsa suna sa mutum ya ga aibin da babu shi. Ka zauna inda hasken rana ke shigowa ba kai tsaye ba. Fitilun kanti masu ƙarfi an yi su ne don komai ya yi ƙyalli, suna ɓoye gefen harafi.

Rubutun fuska

A nan ya kamata ka fi daɗewa. Kamfanonin asali suna buga rubutun fuska ne da wani tattausan hatimi na roba da ke ɗauko fenti daga farantin da aka sassaƙa, kuma a kan yi bugun fiye da sau ɗaya a wuri guda har harafin ya ɗan tasa. Idan ka karkata agogon ka duba da madubi, za ka ga farin rubutun yana da kauri da ɗan sheƙi, gefensa a yanke tsaf, kaurin layi bai canja ba daga farkon kalma zuwa ƙarshenta. A jabu mai arha rubutun a kwance yake, farinsa ya ja toka-toka saboda baƙin fuskar yana leƙowa ta ƙarƙashinsa. A jabu mai tsada kuwa sukan wuce gona da iri, fentin ya yi yawa har ya cike cikin haruffa.

Kada ka ɓata lokaci kan babban sunan kamfanin, don shi suka fi kula da shi. Ka sauka ƙasa. A Submariner akwai layi huɗu a saman ƙarfe shida: SUBMARINER, sai 1000ft = 300m, sai SUPERLATIVE CHRONOMETER, sai OFFICIALLY CERTIFIED. Layuka biyun ƙarshe ƙanana ne ƙwarai, kuma a cikinsu ake kama aiki. Dubi ramin da ke cikin A da R, ka ga ko a buɗe yake ko fenti ya toshe shi. Dubi F biyu da ke jere a OFFICIALLY, su zama iri ɗaya sak. Dubi tazarar da ke tsakanin layi da layi, ka gwada da hotonka. Kuskuren harafi irin na da, inda ake mance harafi ɗaya, yanzu da wuya ka gan shi. Abin da za ka gani shi ne harafi mai ɗan kauri fiye da kima, ko layin da ya ɗan matsa sama.

Can ƙasa, a bakin fuskar, akwai SWISS MADE a gefe biyu na ƙarfe shida. A 126610LN akwai ɗan ƙaramin kambi, wato tambarin Rolex, tsakanin kalmomin biyu, alamar cewa sabon jerin inji ne a ciki. A 116610LN babu shi. To idan aka miƙo maka agogo mai faɗin 40 da kambi a wannan wuri, ko mai faɗin 41 babu kambi, fuskar da jikin ba tare aka haife su ba. Ba ka buƙatar wani dogon bincike bayan wannan.

Sai alamomin awa. A asali kowace alama tana da zobe na farin zinare da aka goge, cike da farin sinadari mai haske, samansa a baje. Ka duba ko sinadarin ya malalo kan zoben, ko yana da ƙuraje, ko wata alama ta fi wata cika. Ka duba kuma ko tsakiyar kowace alama ta yi daidai da layin mintin da ke bayanta. Alwatika ta ƙarfe goma sha biyu ita ce ta fi saurin tona asiri, don ko kaɗan ta karkace ido zai gani. Daga nan ka haska fuskar da tocila na ɗan lokaci, ka rufe da tafin hannu. Submariner na waɗannan shekarun shuɗi yake bayarwa a duhu, kuma hannuwa da alamomi launi ɗaya ne. Idan hannuwa suka ba da kore alamomi suka ba da shuɗi, an haɗa kaya daga wuri biyu.

Ga tsofaffin agogo gwajin yana juyewa. Wanda aka rubuta masa T a ƙasan fuska, kamar T SWISS T ko T<25, an shafa masa sinadarin haske mai suna tiritiyam ne, wanda aka daina amfani da shi wajajen ƙarshen shekarun 1990. Ƙarfin tiritiyam yana raguwa da rabi duk bayan shekara goma sha biyu da 'yan watanni, don haka agogon shekarun 1970 ko 1980 bai kamata ya yi haske mai ƙarfi mai daɗewa ba. Idan ya yi, ko dai fuskar jabu ce, ko an sake shafa mata sabon sinadari. Na biyun ba jabu ba ne, amma yana rage daraja, kuma hakkinka ne a gaya maka.

Tagar kwanan wata tana da nata labarin. Ɗan kumburin gilashin da ke kanta yana ƙara girman lamba ninki biyu da rabi, har lambar ta kusa cike tagar. A jabu da yawa ƙarin bai kai haka ba, sai ka ga ƙaramar lamba da fili a kewaye da ita. Kada ka tsaya kan rana ɗaya. Juya kwanan ka duba kamar 8, 11, 22 da 28, ka ga ko kowace lamba tana zama a tsakiya. Faifan kwanan jabu yakan zauna daidai a wasu ranaku ya zame sama ko gefe a wasu.

Abu biyu suka rage a gaban agogon. Na farko zoben ƙarfe da ke tsakanin fuska da gilashi, wanda tun tsakiyar shekarun 2000 ake sassaƙa masa ROLEX a jere, da kambi a ƙarfe goma sha biyu da lambar siriyal a ƙarfe shida. Sassaƙar asali tana da tsabta, ƙasan harafin yana ƙyalli. Ta jabu takan yi kamar an kankare da yashi. Amma a nan sai ka yi hattara da hukunci, domin ana samun agogon asali da kambin zoben ya ɗan kauce wa ƙarfe goma sha biyu da ƙanƙanin abu. Na biyu shi ne ɗan kambin da aka zana da leza a cikin gilashi ta wajen ƙarfe shida, tun farkon shekarun 2000. An yi shi da ɗigo-ɗigo ƙanana, kuma da ƙyar ake ganinsa sai an haska tocila ta gefe. Idan ka gan shi ɓaro-ɓaro da ido ba tare da ka nema ba, wannan kansa abin tuhuma ne.

Maɓallin wani

Maɓallin da ake wana agogo da shi ƙarami ne, amma ana duba shi ta hanya biyu, da ido da kuma yatsa. A Rolex kambin da ke kansa a tashe yake, ba a tone ba. Rassansa biyar ne, kowanne da ƙwallo a kai, kuma akwai sarari tsakanin ƙwallo da ƙwallo. A jabu ƙwallayen sukan narke cikin juna, ko kambin ya yi gajere ya yi faɗi. Ƙarƙashin kambin akwai alamar da ke nuna irin toshiyar ruwan da aka sa. Ɗigo uku na nufin Triplock, wanda ake sa wa agogon nutso irin Submariner da Sea-Dweller, har da Daytona. Layi ɗaya, ko ɗigo biyu, ko ɗigo ɗaya na nufin Twinlock, wanda ake samu a irin su Datejust. Submariner na zamani mai layi a ƙarƙashin kambi ya saɓa wa kansa.

Wani abu da mutane ke yawan ɗauka shaida alhali ba shaida ba ne: wai dole kambin ya tsaya a miƙe idan an ɗaure maɓallin. A yawancin agogon asali kambin yana tsayawa ne duk inda murɗin ya ƙare, a karkace ko ma a kife.

Yanzu ka kwance shi, kana murɗawa zuwa wajenka. Ya kamata ya kwance sumul, ba ƙarar yashi, ba tsayawa, sannan ya ɗan yi tsalle waje da kansa. A Triplock za ka ga baƙar roba zagaye da bututun da maɓallin ya fito daga kai. Wasu jabun suna da abin da ya yi kama da ita, amma da madubi za ka ga tsagi ne kawai ko robar ta yi sako-sako. A wannan matsayi na farko ana wana agogo, kuma wanin asali yana da santsi da ɗan nauyi iri ɗaya. Ka ja sau ɗaya, kwanan wata zai juya. Ka sake ja, hannun sakan zai tsaya cak, hannuwan awa da minti su motsa. Daga nan ka juya hannuwan a hankali su wuce sha biyun dare, kana kallon taga. A injin 3135 da 3235 kwanan yana tsalle ne lokaci guda, kamar ƙiftawar ido. Idan ka ga lambar tana jan jiki tun kafin sha biyu, rabi a sama rabi a ƙasa, injin da ke ciki wani ne daban.

Da ka gama sai ka danna maɓallin ka mayar da ɗaurin a hankali. Idan ya ƙi kamawa sai da ƙarfi, kada ka tilasta. Wannan na iya zama jabu, yana kuma iya zama agogon asali da aka lalata wa haƙoran murɗi, don haka shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Murfin baya

Bayan Submariner babu komai a kansa. Ƙarfe ne zalla, da gefe mai ƙananan haƙora inda mabuɗin kamfani ke kamawa. Ba tambari, ba suna, ba lamba, ba gilashi. Submariner da ake ganin injinsa ta baya, ko wanda aka zana wa babban kambi a murfi, ko dai jabu ne ko an sauya masa murfin da ba na kamfani ba. Sai dai kada ka mayar da wannan doka ga duk Rolex. Sea-Dweller yana da rubutu zagaye da murfinsa, kuma a 2023 kamfanin ya fitar da Daytona na filatinam da samfurin 1908 masu bayan gilashi. Shi ya sa lambar samfuri ta zo a farko.

Koren sitika mai walƙiya da ake liƙawa a bayan Rolex an daina shi wajajen 2007. Masu jabu sun ci gaba da liƙa shi shekaru bayan haka, saboda masu saye suna ganinsa shaida. Agogon da aka ce na 2020 ne da wannan sitika a baya ya tona kansa.

Inda murfi ke da rubutu, kamar Speedmaster mai rufaffen baya da ke ɗauke da hoton dokin teku, abin dubawa shi ne zurfi da tsabtar aikin. Hoton asali a tashe yake, ana ganin ƙananan layukan jikin dabbar ɗaya bayan ɗaya. Na jabu yakan yi laushi, layukan sun shige juna, saboda daga jikin wani agogo aka ɗauki zubinsa. Rubutun ma yana bin shekara. A sabon samfurin da ya fito a 2021, jimlar da ke maganar amincewar NASA ta samu ƙarin IN 1965, wanda babu shi a na baya. Lambar siriyal kuwa ka gwada ta da wadda ke kan katin garanti, sannan ka buga ta a manhajar bincike. Masana'antar jabu takan maimaita lamba ɗaya a kan agogo masu yawa, sai ka tarar da lambar agogon da ke hannunka a hotunan wasu. Katin da kwalin su ma ana buga jabunsu, don haka dacewarsu da agogo ba ta wanke shi, rashin dacewar ne ke kama shi.

Inji ta bayan gilashi

Fuska da murfi ana iya kwaikwayonsu da kuɗi kaɗan. Inji kuwa sai an gina masana'anta. Don haka dabarar da aka fi yi ita ce a ɗauko inji mai arha da ake samu a kasuwa, a rufe shi da siririn faranti da aka yi wa ado da suna, ya yi kama da na asali. Aikinka shi ne ka raba abin da ke aiki da abin da aka liƙa don ado.

Ka fara da jajayen duwatsun yakutu. Kusan kowanne an dasa shi ne don ya riƙe kan sandar wani wili, don haka a tsakiyarsa za ka ga ɗan kan ƙarfe mai sheƙi. Dutsen da babu komai a cikin raminsa, ko wanda yake zaune inda babu wili a ƙarƙashi, ado ne aka manna. Haka sukurori: na gaske yana da tsagi mai zurfi da tsabta, yana zaune cikin raminsa. A farantin ado za ka ga kan sukuru da aka zana ko aka liƙa, ba ya ɗaure komai. Idan ka karkata agogon ka leƙa ta gefen farantin, wani lokaci za ka hango wani farantin a ƙasa mai launi daban da sukurorinsa na gaske.

Daga nan ka koma kan wilin bugu, wato zoben nan da ke kai da komo da sauri, da siririn sifirin a tsakiyarsa. Shi ke ƙayyade saurin agogo, kuma hanyar daidaita shi iri biyu ce. A yawancin injuna akwai ɗan hannu a kan gadar da ke riƙe da wilin, wanda ke matse sifirin ɗin, sau da yawa da alamar + da − a gefensa. A manyan injunan zamani na Rolex, Omega da Patek Philippe babu wannan hannun. Ana daidaita su ne da ƙananan nauyaye da ke jikin zoben kansa. Wannan bambanci ne na gini, fenti ba ya ɓoye shi. Wasu masu jabu suna manna nauyayen ƙarya a zoben, amma hannun yana nan, sun tura shi ƙarƙashin gada. Abu ɗaya da zai iya ruɗa ka: ko a injin da babu hannun daidaitawa akwai wurin da aka kafe ƙarshen sifirin. Wannan guda ɗaya ne. Idan ka ga abu biyu suna taɓa zagayen sifirin na waje, ɗaya makafa ɗaya mamatsa, to akwai hannun daidaitawa.

Ga yadda abin yake a aikace. A ce an kawo maka Speedmaster Professional mai bayan gilashi, an ce sabon samfuri ne na bayan 2021, lambarsa 310.30.42.50.01.002. Wannan lambar tana nufin gilashin safaya gaba da baya, da inji 3861. Daga gaba, tambarin Omega a wannan samfurin ƙarfe ne da aka dasa a fuska, ba bugun fenti ba, kuma a zoben lambobi na waje ɗigon da ke kusa da 90 yana samanta ne. A ce duk waɗannan sun yi daidai, don masu jabu sun san su. Maɓallinsa ba a ɗaure shi da murɗi, ana wana shi ne kai tsaye. Ka juya bayan.

Abu na farko: 3861 da hannu ake wana shi. Ba shi da rabin faifan nan mai lilo da ke wana agogo da motsin hannu. Idan ka ga faifai yana juyawa a kan injin, magana ta ƙare, komai kyan rubutun da ke kansa. A ce babu faifai. Sai ka nemi abin da ke sarrafa hannun awon lokaci, wato babban hannun tsakiya da ake tayarwa da maɓallin sama. Jabun Speedmaster da ake wanawa da hannu galibi suna ɗauke da injin Seagull ST19 na ƙasar Sin, wanda aka gina kan tsohon injin Venus 175. Injin kirki ne a agogon da ke ɗauke da sunansa na gaskiya, amma yana da wani ɗan wili mai ginshiƙai a tsaye kamar hasumiya, wanda ke juyawa taki ɗaya duk lokacin da ka danna maɓallin sama. Injin 3861 ba shi da wannan. Wani ɗan faranti mai lanƙwasa ne ke kai da komo a madadinsa. Ka danna maɓallin kana kallo, za ka ga wanne ne ya motsa.

Sai wilin bugu. A 3861 sifirin ɗin na silikon ne, baƙi-baƙi, kuma babu hannun daidaitawa. Tsohon inji 1863, wanda ke cikin samfuran bayan gilashi kafin 2021, yana da hannun. Ka ga ke nan hannun daidaitawa a Speedmaster na 2015 daidai ne, a na 2022 kuwa kuskure ne. Akwai gwaji mai sauƙi da ke tabbatar da wannan: ja maɓallin wani waje. A 3861 hannun sakan yana tsayawa, a 1863 ba ya tsayawa.

Ƙarshen gwajin yana gaba. Ƙananan da'irori uku ne a fuskar: ta ƙarfe tara sakan ce mai tafiya kullum, ta ƙarfe uku tana ƙirga minti talatin, ta ƙarfe shida tana ƙirga awa goma sha biyu. Babban hannun tsakiya ba ya motsi sai an danna maɓallin sama. Injin ST19 ba shi da maƙirgin awa, don haka a jabun da ke ɗauke da shi hannun ƙarfe shida ko dai a kafe yake, ko yana bin lokacin rana ba tare da an danna komai ba. Ka tayar da awon, ka ajiye agogon rabin awa kuna hira da mai sayarwa. Hannun ƙarfe shida ya kamata ya tafi rabin tazara tsakanin 12 da 1. Ka tsayar, ka danna maɓallin ƙasa: hannuwan uku su koma sifili tare, babban hannun ya zauna daidai kan goma sha biyu. A jabun da suka fi arha ma da'irorin ba awo suke yi ba, maɓallan gefe ranar mako ko wata suke juyawa.

Game da zamiyar hannun sakan da ake yawan magana a kai, ba ta raba jabu da asali. Submariner na zamani yana bugu 28,800 a awa, wato taki takwas a sakan. Speedmaster yana 21,600, taki shida. Injuna masu arha suna yin duka biyun. Har ma Rolex ya taɓa yin agogon batir na asali mai suna Oysterquartz daga 1977, wanda hannunsa ke tsalle sau ɗaya a sakan. Amfanin saurin bugu shi ne a gwada shi da na samfurin: Submariner mai bugu 21,600 ba daidai ba ne, kuma na'urar awon bugu da masu gyara ke da ita tana nuna wannan cikin ƙasa da minti ɗaya.

Inda ido ke tsayawa

Akwai jabun da aka gina wa injin da ke kwaikwayon 3135, 3235 ko 4130 na Daytona sashe da sashe. Kwanansu yana tsalle lokaci guda, maɓallinsu yana aiki kamar na asali, kuma tun da bayan a rufe yake, ba ka da hanyar gani. Akwai kuma agogon haɗe-haɗe, wanda jikinsa na asali ne amma fuska ko inji ba nasa ba, ko jabu da aka sa wa fuska da maɓalli na asali don ya tsallake irin binciken da muka yi a sama. Matakan nan suna iya tabbatar maka cewa agogo jabu ne, don saɓani ɗaya na gini ya isa. Ba sa iya tabbatar maka cewa na asali ne.

Don haka idan agogon ya tsallake komai kuma kuɗin mai yawa ne, ka sa sharaɗi kafin biya: a je wurin mai gyara da ya saba da wannan kamfani, wanda kai ka zaɓa, ya buɗe murfin a gabanku. Murfin Rolex yana buƙatar mabuɗi mai haƙora daidai girmansa, kada ka bari a gwada shi da wani ƙarfe. Mai gyaran zai duba wilin bugu da nauyayensa, da gogen gefen farantai, da rubutun cikin murfi, ya ɗora agogon a na'urar awo a kwance da a tsaye. Rolex yana alƙawarin kuskuren da bai wuce sakan biyu a rana ba ga sabbin agogonsa tun 2015, amma wanda ya yi shekaru ba a yi masa sabis ba zai iya kaucewa, don haka a karanta sakamakon tare da shekarun agogon. Bayan an rufe murfin, ka nemi a yi gwajin matsin ruwa kafin ka ɗaura shi, domin duk buɗewa tana iya motsa robar da ke toshe bayan.